Wasiƙar Neman Ƙarin Albashi: Koke ko Hujja?

Da yawa daga cikinmu idan muka gama karatu aikin fassara za mu shiga, ko gidan rediyo, ko kamfanin ɗab'i. Wata rana dole a rubuta wa manaja wasiƙar imel ana neman a sake duba albashi. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne mayar da wasiƙar takardar koke: kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, haya ta ƙaru, iyali sun yi yawa. Duk gaskiya ne, amma wannan hali kowa a ofis yana cikinsa, har shi manajan. Abin da yake bukata shi ne dalilin da zai iya kai wa na sama da shi, wanda ya shafe ka kai kaɗai.

Hujja mai ƙarfi tana nuna yadda aiki yake a da, da yadda ya koma, da tsawon lokacin da hakan ya ɗauka. Mu ɗauka wata mai fassara ce da ke karɓar naira 150,000 a wata. Bayan gajeriyar gaisuwa (layi ɗaya ya isa, ba zaure aka shiga ba), sai ta rubuta:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a sake duba albashina. Lokacin da na fara aiki watanni 18 da suka wuce, shafi 20 nake fassarawa a mako, yanzu ina yin 30. A da akan dawo mini da aiki ɗaya cikin biyar don gyara, amma a watanni shida na baya sau biyu kacal aka dawo da shi. Haka kuma ni ke duba aikin sababbin ma'aikata biyu, wanda ba ya cikin takardar ɗaukata aiki. Saboda haka ina neman a mayar da albashina naira 180,000. Na haɗa da rajistar ayyukan, kuma zan so mu zauna na minti 15 a mako mai zuwa."

A lura, ta faɗi adadin da take so. Mai cewa "a taimaka da abin da ya sawwaƙa" kan samu mafi ƙanƙanta. Sannan ƙarin da ta nema kashi 20 cikin 100 ne, alhali aikinta ya ƙaru da kashi 50, don haka da wuya a ce ta yi zari.

Sai dai lissafi yana da haɗarinsa. Idan mutum uku suka yi aiki, ka rubuta "na yi", manaja zai gane, kuma sauran hujjojinka za su zube. Ka ce "mun yi", sannan ka fayyace naka kason. A ganina, ambaton albashin abokin aiki ko barazanar barin aiki ba su da gurbi a wasiƙar farko.

A aika da ita kafin kamfani ya rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa, don bayan nan amsar da aka saba ji ita ce "sai baɗi".