Wasiƙar uwar 'ya'ya zuwa jami'a: me za ta ce game da shekarun da ta yi a gida?

A ce mace ce mai shekara 43. Ta gama sakandare a 2000, shekarar da NECO ta fara shirya jarrabawar kammala sakandare, ta yi NCE, sai aure da haihuwa suka sa ta ajiye takardun a ƙasan akwati. Yanzu autanta ya shiga sakandare, tana son digiri, amma ba za ta iya zaman aji daga Litinin zuwa Juma'a ba. Irinta aka buɗe wa karatun wucin gadi da na daga nesa: akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, akwai cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma makarantar ci gaba da karatu ta Jami'ar Bayero a Kano.

Yawanci fom ake cikewa a intanet, ba wasiƙa ba. Wasiƙa tana shigowa ne inda fom ya gaza, domin ba shi da gurbin da zai bayyana abin da ya faru tsakanin takardar ƙarshe da yau, ko dalilin da ya sa sunaye suka saɓa.

Inda mata da yawa ke tuntuɓe shi ne su mayar da wasiƙar ta neman afuwa. Sai ka ga layi bayan layi na roƙo, a taimaka don Allah, a dubi halin da take ciki. Magatakardan jami'a ba tallafi yake rabawa ba. So yake ya san ko ta cika sharaɗi, ko kuma za ta iya kai karatun ƙarshe. Shekarun reno jimla biyu sun ishe su. Ta ce ta kammala NCE a shekara kaza, ta zauna renon 'ya'ya, yanzu sun tasa, tana da lokacin karatu a ƙarshen mako. Shi ke nan. Sai ta kawo abin da ta yi a tsakanin da za a iya tabbatarwa. Idan ta koyar a Islamiyyar unguwa, ta faɗi ajin da tsawon lokacin, ta haɗa da takardar shaida daga shugaban makarantar. Idan ita ce ke riƙe littafin kuɗin ƙungiyar mata, wannan hujja ce mai ƙarfi ga mai neman karatun akanta, kodayake ba ta da wani tasiri ga mai neman digirin Hausa. Abin da ya dace da fannin shi ake sawa.

Sai dai komai daɗin wasiƙa, ba ta maye gurbin kiredit. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar, galibi har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai NCE kan shiga daga aji biyu, amma duk da haka ana duba sakamakon sakandarenta. To a ce matar nan ta faɗi Lissafi a 2000. Mafita ita ce ta zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ta haɗa sabon sakamakon da tsohon, zama biyu ke nan. Gara ta yi haka tun kafin ta kashe kuɗin fom.

Batun suna kuwa ya fi ba da wahala. Takardar sakandare na ɗauke da sunan mahaifinta, katin NIN na ɗauke da na mijinta, wataƙila ma ranar haihuwar ta bambanta. A nan ana bukatar takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa har da sanarwar canjin suna a jarida, kuma ya kamata wasiƙar ta ambaci wannan saɓanin da kanta ta ce ga takardun a haɗe. In aka bari sai ranar tantancewa jami'i ya gano, ana iya dakatar da rajista.

Abu ɗaya da ke tayar wa wasu hankali a banza shi ne hidimar ƙasa. Waɗanda suka yi digirin wucin gadi ba sa zuwa sansanin NYSC. Takarda ake ba su mai nuna ba sa cikin masu yi, ita ake kaiwa wurin neman aiki. Samunta kuma yana rataye ne da kasancewar sunan ɗaliba a rajistar JAMB. Don haka Hajiya, da zarar an ba ki gurbi, ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai yadda za a shigar da sunanki can tun a shekarar farko.