Harafin Z da ke ƙarshen kwanan wata

Wanda ya taɓa sauke bayanan asusunsa daga manhajar tura kuɗi, ko ya leƙa bayanan wani hoto a kwamfuta, zai yiwu ya ci karo da irin wannan rubutu:

```
2024-02-29T23:40:15Z
```

Yawancin mutane suna tsintar shekara da rana, su bar sauran. Amma a wannan harafi na ƙarshe da ake tsallakewa ne rikici yake ɓuya.

Tsarin rubutun yana bin ƙa'idar ISO 8601, wadda aka fara fitarwa a 1988. Ana farawa da babba a gangaro zuwa ƙarami: shekara, sai wata, sai rana. Saboda haka 2024-02-29 shi ne 29 ga Fabrairu, 2024. Wata ne a tsakiya koyaushe. Idan ka ga 2024-03-05, to 5 ga Maris ne, kada ka karanta shi 3 ga Mayu. Harafin T kuwa shinge ne kawai, yana nuna kwanan wata ya ƙare, lokaci ya fara. Bayansa sai awa da minti da daƙiƙa, a lissafin awa 24. Daga 13 zuwa sama ka cire 12, wato 23:40:15 shi ne ƙarfe 11:40 na dare da daƙiƙa 15. Wani lokaci za ka ga ɗigo da wasu lambobi bayan daƙiƙa, kamar 15.250, ɓangaren daƙiƙa ne, mai karatu zai iya wuce shi.

Sai Z. Ma'anarsa ita ce lokacin da aka rubuta na agogon UTC ne, agogon da duniya ke auna sauran agogo da shi, ba tare da an ƙara ko an rage komai ba. Agogon garinka kuma yana da tazararsa da wannan. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da UTC da awa ɗaya duk shekara. Sudan tana gaba da awa biyu, Saudiyya da awa uku. Gana ce ba ta da tazara, agogon Akara daidai yake da UTC.

A ce wani ɗan kasuwa a Kano ya yi da abokin cinikinsa cewa zai biya bashi kafin Fabrairu ya ƙare, kuma shaidar biyan ita ce wannan rubutu na sama. Da gani ɗaya sai a ce ya cika alkawari, tunda ga 29 ga wata a rubuce. Amma ƙara awa ɗaya a kan 23:40, sai ka tsallake tsakar dare: a agogon Kano an tura kuɗin ne da ƙarfe 12:40 na dare, ranar 1 ga Maris. Rana ta sauya, wata ma ya sauya. Da a Kumasi yake, da yana cikin wa'adi da minti ashirin. A Makka kuwa lokacin ƙarfe 2:40 ne, asuba ta gabato. Daƙiƙa ɗaya ce a duk wuraren nan, agogon bango ne suka bambanta. A ganina duk mai ajiye lissafi ya kamata ya riƙe wannan: a ƙasashen da ke gaba da awa ɗaya, duk abin da aka rubuta daga 23:00 zuwa 23:59 da Z a ƙarshe, na washegari ne.

Akwai wata hanyar rubuta wannan lokaci ɗin dai:

```
2024-03-01T00:40:15+01:00
```

A nan babu Z, an maye gurbinsa da +01:00. Wannan na nufin an riga an juya lokacin zuwa agogon da ke gaba da awa ɗaya, don haka ka karanta shi yadda yake. Masu ƙara wata awar a kai sun ƙara sau biyu ke nan. Idan kuma rubutun ya ƙare a daƙiƙa, babu Z babu tazara, to bai faɗi agogon wane gari ba ne, sai an tambayi wanda ya fitar da shi.

Wasu kan ce ai Z agogon Landan ne. Wannan gaskiya ne a lokacin sanyi kaɗai. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, ta yi daidai da Abuja da Yamai, shi kuwa UTC ba ya motsi.

Gane kuskuren ba shi da wuya. Ɗauki wani abu guda da ka san lokacinsa tabbas, kamar kuɗin da ka tura ana kiran sallar magariba, ka gwada da abin da takarda ta nuna. Idan mintoci sun yi daidai amma awa ta koma baya da ɗaya cif, kuma haka yake a kowane layi, to an cire Z ne wajen kwafa ba a juya lokacin ba. Sai a ƙara awa ɗaya a kowane layi, a kuma sake duba kwanan watan duk layin da ya faɗa bayan ƙarfe 11 na dare.