Hatimi ya koma baƙi ƙirin: laifin ba na waya ba ne

Duk mai hulɗa da takardu tsakanin Tabla, Baleyara da Filinge ya san yadda aikin ke tafiya yanzu. Ƙungiyar manoma ko ta mata za ta sa a zana mata hatimi da tambari a Yamai, a turo su ta waya, sai mai shagon buga takardu ya ɗora su a kan wasiƙa. Hoton yakan zo a matsayin PNG marar bango, wato idan aka ɗora shi a kan takarda ba a ganin komai sai zanen. Ran da aka nemi a aika shi wani shafin rajista da ba ya karɓar komai sai JPEG, sai a juya shi, a buɗe, a tarar da hatimin zaune cikin akwati baƙi ƙirin. Idan sa hannu ne da baƙar tawada, to ya ɓace ke nan gaba ɗaya. Daga nan a fara zargin waya, ko ƙwayar cuta, ko mai zanen. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi laifi. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya zaɓar wa hoton bango kafin a juya shi, sai na'ura ta fito da abin da ke kwance a ƙasa.

Kowane hoto a na'ura tarin ɗigo ne, kowane ɗigo kuma lambobi ne ke bayyana shi. A JPEG, tsarin da aka fitar a 1992 domin hotunan kyamara, ɗigon hoto mai launi yana fitowa da lambobi uku: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Fari shi ne 255 sau uku, baƙi kuma sifili sau uku. PNG, wanda ya biyo baya a 1996, yana iya ƙara lamba ta huɗu mai suna alfa, wadda ke faɗin yadda ɗigon ke tare abin da ke bayansa: 255 ya rufe ruf, 0 kuwa ba a ganinsa sam. PNG kamar rubutu ne a kan gilashi, JPEG kuwa rubutu a kan takarda, kuma takarda dole ta kasance da launi. To ga inda gizo ke saƙar. Ɗigon da ba a gani shi ma yana riƙe da lambobinsa uku na launi, kuma manhajojin zane da yawa sifili suke zuba masa tunda ba mai kallonsa. Wato (0, 0, 0, 0). Cire lambar ƙarshe, abin da ya rage (0, 0, 0), baƙi ke nan. Akwai hanya ta biyu da ke kai wa wuri guda: shafukan intanet masu juya hoto a cikin burauza, bisa ƙa'idar HTML, a kan baƙin bango suke shimfiɗa shi idan ba a zuba wani launi tukuna ba.

Mai amfani da Python da ɗakin kayan aikinsa na hotuna mai suna Pillow yakan gamu da gargaɗi tun kafin ɓarnar. Tun daga fitowar 4.2 a 2017, idan ka yi ƙoƙarin adana irin wannan hoto kai tsaye, sai ya tsaya ya rubuto `cannot write mode RGBA as JPEG`. Mutane da yawa sukan yi maganin saƙon ta hanyar ƙara `convert("RGB")`, saƙon ya ɓace, su ɗauka an gama. Alhali wannan umarni watsar da alfa kawai yake yi, bai shimfiɗa komai a ƙasa ba. Wanda ke son tabbatarwa ya duba ɗigon kusurwa da `im.getpixel((0, 0))`. In ya ga sifili huɗu, ya ga tushen baƙin da idonsa.

Gyaran na gaskiya shi ne a yi farar shimfiɗa daidai girman hoton, a ɗora hoton a kanta bisa ma'aunin alfa, sannan a adana:

```python
from pathlib import Path
from PIL import Image

Path("jpeg").mkdir(exist_ok=True)
for f in Path(".").glob("*.png"):
    im = Image.open(f).convert("RGBA")
    bango = Image.new("RGBA", im.size, (255, 255, 255, 255))
    sabo = Image.alpha_composite(bango, im).convert("RGB")
    sabo.save(Path("jpeg") / (f.stem + ".jpg"), quality=90)
```

Layin `convert("RGBA")` na farko ba ado ba ne. Wasu PNG ɗin suna ajiye launukansu a ɗan jadawali, kuma sai an juya su haka alfarsu ke fitowa fili. Aikin da `alpha_composite` ke yi kuwa ya fi bayyana a gefen zane, inda ɗigo ke rabi da rabi domin layi ya yi santsi. Ɗauki ɗigo a bakin hatimi mai shuɗiyar tawada, launinsa (0, 0, 200), alfarsa 128, kusan rabi. Lissafin zai ɗebi rabin launin ɗigon ya haɗa da rabin farin bango, ya fito da (127, 127, 227), shuɗi mai haske da ke narkewa cikin takarda. In da watsar da alfar aka yi, da ɗigon ya zauna da cikakken shuɗinsa, gefen hatimin ya yi kauri da haƙora-haƙora.

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala, ba sai a buɗe baƙin JPEG ɗin a zuba masa farin fenti ba? Wannan ba ya yiwuwa yadda ake zato. JPEG yana matse hoto ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanansa, don haka baƙin da ke kewaye da zanen ba iri ɗaya ba ne, kuma fentin zai bar wani datti zagaye da haruffa. A kan sa hannu mai baƙar tawada ma babu abin cetowa, domin tawada da bango sun zama lamba ɗaya. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a koma ga PNG na asali. Wannan ne dalilin da ya sa umarnin da ke sama yake zuba sababbin hotuna a wata jaka daban, bai taɓa na asali ba.

Wani kuma zai ce a bar hoton a PNG mana a huta. Yana da gaskiya a mafi yawan lokuta, har ma na fi shi zafi a kai: hatimi, tambari da rubutu sun fi tsabta a PNG, kuma ba a juya su sai inda aka tilasta. Amma tilas ɗin tana zuwa, daga shafin rajista ko daga manhajar aika saƙo da ke juya hoto da kanta, kuma gara mutum ya zaɓi bango da hannunsa kafin a zaɓar masa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa mai shago a Tabla, da wutar da ba ta zama da intanet mai tsada, ina shi ina rubuta umarni. Ga hoto ɗaya, lalle ba ya buƙata. Ya sa farar shimfiɗa a ƙarƙashin zanen a manhajarsa ya wadatar. Amma wanda aka kawo wa hotunan katin mambobi masu yawa, waɗanda duk aka cire musu bango, zai wuni yana yi ɗaya bayan ɗaya, ga kuskure. Umarnin, da zarar an girka shi, ba ya neman intanet, kuma ya raba mutum da loda hatimi da sa hannun jama'a a shafin da bai san mai shi ba. Mai ImageMagick ma layi ɗaya ya ishe shi:

```
magick hatimi.png -background white -alpha remove -alpha off hatimi.jpg
```

Fari dai ba dole ba ne. Tambari mai farin rubutu zai ɓace a kan farar shimfiɗa kamar yadda baƙin sa hannu ya ɓace a kan baƙa, don haka a sauya lambobi ukun farko na `bango` zuwa launin takardar da za a ɗora shi. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, idan mai zane zai turo muku hatimi ta WhatsApp, ku ce ya turo shi a matsayin takarda, ba hoto ba, sannan ku ajiye wannan PNG ɗin a wuri biyu.