Albashin Kano ko na Abuja: Yadda ake gane wanda ya fi tsoka

Mu ce yayanku yana aiki a Kano, yana karɓar Naira 150,000 a hannu duk wata. Sai ga takardar sabon aiki daga Abuja, za a riƙa ba shi Naira 220,000. Kowa a gida zai ce ƙarin 70,000 ba abin wasa ba ne, ya haɗa kaya kawai. Amma kafin ya tafi tasha, akwai tambayar da ya kamata ya amsa: nawa zai karɓa a Abuja kafin ya yi irin rayuwar da yake yi a Kano? Da lissafin kaso cikin ɗari da kuke yi a aji za ku iya taya shi gano amsar. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, ku sa na gaskiya a madadinsu idan kun tambayo.

Mataki na farko shi ne a rarraba albashin yanzu gida-gida. Yaya yana biyan hayar 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata idan aka raba da 12. Abinci yana cin 60,000, kuɗin mota 15,000, wuta da ruwa da kati da sutura 20,000. Ragowar 25,000 ita yake ajiyewa, yana kuma aika wa iyaye daga ciki.

Mataki na biyu, a nemo farashin kowane gida a sabon gari. Mu ce irin gidan da yake ciki, a Kubwa sai an biya 1,200,000 a shekara, wato 100,000 a wata. Idan abinci ya fi tsada da kashi 25 cikin 100, sai a ninka 60,000 da 1.25, a samu 75,000. Kuɗin mota ya ninka zuwa 30,000 saboda nisan wurin aiki. Sauran buƙatu sun ƙaru da kashi 20, sun koma 24,000. Ajiyar nan ta 25,000 kuwa a bar ta yadda take, domin iyaye suna Kano, da farashin Kano za su kashe abin da ya aiko.

Idan aka haɗa duka, za a samu 254,000. Wannan shi ne albashin Abuja da ya yi daidai da 150,000 na Kano. Ke nan tayin 220,000 ya gaza da 34,000 duk wata. Ajiyar gaba ɗaya za ta tafi, kuma a nemi cikon 9,000.

Me ya sa ba a ɗauki lamba ɗaya an ninka albashin duka ba? Saboda kayayyaki ba sa tashi tare. A misalinmu haya ta ninka fiye da sau uku, abinci kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ƙaru. Wanda ya auna da haya kaɗai zai ce sai an ba shi 500,000, ya ƙi aikin da ya dace. Wanda ya auna da abinci kaɗai zai ɗauka 187,500 ta isa, ya je ya shiga bashi. Haka kuma amsar ta danganta da mutum. Da ma'aikatar za ta ba yaya gida kyauta, 154,000 ta ishe shi, tayin ya zama riba.

Wajen tambayo farashi, a kwatanta abu da irinsa. Kwanon awo na wata kasuwa ba lallai ya yi daidai da mudun wata ba, don haka kilo ya fi aminci. Kada kuma a yi murna da haya mai sauƙi a Mararaba ko Nyanya kafin a lissafa kuɗin mota da cunkoson hanya safe da yamma, domin abin da aka rage a haya yakan koma aljihun direba.

Sai a duba takardar ɗaukar aikin da kyau. Sau da yawa adadin da aka rubuta albashi ne kafin a cire haraji da kuɗin fansho, wanda dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin 100. Abin da ya shigo hannu shi ake kwatantawa da abin da ya shigo hannu. Sannan a tuna cewa hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai. Hayar 1,200,000 ta fi sabon albashin wata biyar, kuma kafin ya karɓi na farko za a nemi ya biya.

Ga aikin gida: idan yaya ya samu abokin da za su raba hayar Kubwa gida biyu, nawa ne albashin da zai yi daidai da na Kano? Tayin 220,000 zai ishe shi a lokacin? Ku gwada, ku nuna wa malamin lissafi.