Yadda Ɗan Koyon Sana'a Yake Neman Izinin Zuwa Hidimar Gida

A shagon tela, ko rumfar kafinta, ko maƙera, yaron da aka kawo koyon sana'a ba ya ɗaga ƙafa ya yi tafiya sai da izinin maigidansa. Dalilin haka yana cikin yadda koyon yake farawa. Galibi uba ne, ko kawu, ko yaya, yake riƙo hannun yaro ya damƙa shi ga mai sana'a, ya ce ga amana nan. Daga ranar maigida ya zama uba a wurin aiki. Ba albashi yake biyan yaron ba, ilimi yake ba shi, tare da ɗan kuɗin abinci ko na sabulu. Idan wani abu ya sami yaron a lokacin da ya kamata a ce yana shago, maigida za a fara tambaya. Saboda haka babu ranakun hutu da aka rubuta a takarda. Hutu alfarma ce da ake roƙa, kuma roƙon yana da hanyarsa.

Abu na farko shi ne sanin irin hidimar, domin ita ce take nuna lokacin da ya dace a yi magana. Aure ana sa masa rana tun da nisa, don haka yaron da ya zo da maganar biki ana gobe ɗaurin aure ba shi da hujja. Mako biyu kafin ranar shi ne daidai. Suna kuwa kwana bakwai ne bayan haihuwa, sai a sanar tun ranar da labari ya iso, maigida ya sami mako guda na shiri. Rasuwa ce kaɗai ba ta jira, tun da ana yin jana'iza ba tare da jinkiri ba. Nan ya isa yaro ya faɗa a tsaye, ko ya kira a waya, ko ya bar sallahu wurin babban yaron shago. Amma idan zai zauna har sadakar uku ko ta bakwai, wannan sai ya sake neman izini a kai.

Sai zaɓen lokacin magana a cikin yini. Ba a tunkarar tela yana tsakiyar yanka shadda, domin almakashi ya kauce ko da ɗan yatsa ɗaya an yi asarar yadi. Ba a kuma yi masa maganar gida a gaban mai kaya, musamman wanda ya zo da fushin an saɓa masa alkawari. Lokacin da aka fi so shi ne da safe bayan an share shago an gaisa, ko bayan sallar la'asar, ko dab da tashi, sa'ad da maigida yake zaune shi kaɗai. Yaro yakan matso ya durƙusa ko ya rusuna, ya sassauta murya, ba ya zuba wa maigida ido, ba ya kuma kiran sunansa. Yakan ce “maigida”, ko “oga” kamar yadda ya yaɗu a birane, ko “Baba” in dattijo ne. Mace mai koyo a wurin mace takan ce “Hajiya” ko “Anti”. Da yawa sukan yi amfani da “ku” maimakon “ka”, don girmamawa.

A ɗauki misalin yaro mai koyon ɗinki a wani shago a Fagge, cikin Kano, wanda iyayensa suke Ɗambatta, aka kuma sa ranar auren yayansa. Bayan gaisuwa ta cika, abin da zai faɗa shi ne kamar haka: “Ranka ya daɗe, dama wani ɗan uzuri ne ya taso a gida, shi ne na ce bari in zo in sanar da ku. Za a ɗaura wa yayana aure ranar Asabar ta sama, a Ɗambatta. Ina neman izini, in babu damuwa, in tafi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in dawo Lahadi da yamma in Allah ya yarda. Kaftani ukun nan da kuka ba ni, zan gama saka musu maɓalli in goge su kafin Alhamis. Baba ma ya ce a gaishe ku, ya ce a gayyace ku.”

Kowace gaɓa a wannan magana tana da aikinta. Kalmar “uzuri” tana nuna cewa larura ce, ba yawo ba. Faɗin dangantaka a fili, yayana ko ƙanwata ko baffana, shi yake ba maigida ma'aunin nauyin hidimar, domin auren wanda ake uwa ɗaya uba ɗaya ba daidai yake da na abokin unguwa ba. Ambaton ranar tafiya da ta dawowa yana ba shi damar raba aiki. Maganar kaftani kuwa ita ce ta fi kwantar masa da hankali, tun da abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne kayan mutane da ranar da za su zo karɓa. Gayyata da gaisuwar uba suna tabbatar da cewa gida sun san da maganar. Babban kuskure shi ne a ce “zan tafi”, domin wannan sanarwa ce. “Ina neman izini in tafi” shi ne yake barin hukunci a hannun mai shi.

Amsar maigida ma tana da alamunta. In ya ce “Allah ya sanya alheri, a dawo lafiya”, magana ta ƙare, wani lokaci har ya ƙara da kuɗin mota ko gudummawa ga ango. In ya ce “to, bari mu gani”, bai hana ba, bai kuma bari ba, sai yaro ya yi godiya ya tashi, ya tuna masa bayan kwana biyu. In ya rage kwanakin, ba a ciniki da shi. Wannan ya fi faruwa a lokacin cunkoso: a Sha'aban, da ake yawan bukukuwa kafin azumi, da kuma goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da teloli suke kwana a kan keke saboda ɗinkin salla. Idan hidimar ta zama dole kuma an hana, hanyar da ta dace ita ce wanda ya kawo yaron tun farko ya zo da kansa ko ya kira, manya su daidaita tsakaninsu.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata wannan alaƙa. Ɗaya shi ne ƙirƙiro hidimar da babu ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma maigida yakan san dangin yaron, ko ya haɗu da ubansa ya yi masa barka ko ta'aziyya a kan abin da bai faru ba. Na biyu shi ne ƙara kwana ba tare da sanarwa ba. In mota ta yi wuya ko iyaye sun riƙe yaro, kiran waya kafin ranar da aka yi alkawari ta wuce yana gyara komai.

Izini yana cika ne da dawowa. Yaro yakan fara zuwa wurin maigida kafin ya taɓa keke, ya gaishe shi, ya ce an gama hidima lafiya, mutanen gida suna godiya, ya miƙa ɗan goro ko alawar biki in ya zo da su. Ya kuma karɓi aikinsa daga wanda ya riƙe masa, ya gode masa. Yaron da ya dawo ranar da ya ambata, shi ne wanda ba ya shan wahalar samun izini a karo na gaba.