Yadda Rubutun Jikin Taya Ke Tona Asirin Jabu a Hoto

Duk rubutun da ke gefen taya, tun daga sunan kamfani har zuwa 'yan ƙananan lambobin da ke kusa da wili, yana fitowa ne a lokacin da ake gasa tayar. Ana sanya ɗanyar roba cikin mazubin ƙarfe wanda aka riga aka sassaƙa rubutu da zane a jikinsa, a matse ta da zafi na wasu mintoci, sai ta fito ɗauke da siffar mazubin, kamar yadda bulo ke fitowa da siffar abin da aka buga shi a ciki. Saboda haka rubutun tayar kirki ɓangare ne na robarta. Duk abin da aka ƙara, ko aka kankare, ko aka sauya bayan ta bar masana'anta, yakan bar tabo, kuma hoto mai kyau yakan nuna tabon.

Wannan ya shafi masu mota a Nijeriya ƙwarai, domin tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu na ƙasar a tsakanin 2007 da 2008, kasuwa ta dogara ga tayoyin da ake shigowa da su. Ciniki da yawa kuma yanzu a waya ake ƙulla shi: dila ya turo hoto, mai saye ya tura kuɗi, a ɗoro kaya a mota. Abin da ake kira jabu a nan iri uku ne. Akwai tayar da aka ƙera da sunan kamfanin da bai san da ita ba, akwai tsohuwa da aka sauya wa kwanan wata, akwai kuma ta gwanjo da aka sake yanka wa zane aka shafe ta da baƙin mai don ta yi kama da sabuwa.

Kafin a yanke hukunci sai an sami hoton da ya dace. Hoton da aka ɗauko daga shafin kamfani ba ya cewa komai game da tayar da ke shago. Abin nema shi ne hoton kowace taya ɗaya bayan ɗaya, ɓangarorinta biyu, an cire ledar da aka naɗe ta da ita, sannan a ɗauki rubutun kusa da kusa. Hasken ya kamata ya zo daga gefe, kamar na hantsi ko na la'asar, domin shi ke jefa inuwa a bakin haruffa ya nuna tudu da kwari. Hasken kyamarar waya da ya daki roba kai tsaye yakan shafe waɗannan alamu duka.

Wuri na farko da ido zai sauka shi ne layin girma. Ga misalin wanda ake yawan gani a ƙananan motoci:

```
205/55R16 91V
MAX LOAD 615 kg (1356 lbs)
```

Lamba 205 faɗin tayar ce a milimita, 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman wilin da za ta hau ne a inci. Abin da ya fi amfani wajen bincike shi ne 91V. Lamba 91 ma'aunin nauyi ce, kuma a ko'ina a duniya tana nufin taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 615. Harafin V yana nufin an amince ta jure gudun kilomita 240 a awa, H kuwa 210, T kuma 190. Tunda akan sake rubuta nauyin ɓaro-ɓaro da ƙananan haruffa a wani wurin, dole bayanan biyu su yi daidai. Babban kamfani ba ya sassaƙa mazubi mai tsada da lissafin da ya saɓa wa kansa. Mai kwaikwayo kuwa, wanda ya haɗa rubutu daga taya biyu ko uku, a irin wannan wurin yake tuntuɓe. Haka kuma kuskuren harafi a cikin gargaɗin tsaro, ko a sunan samfurin, babbar alama ce. Sai dai a lura da wata dabara: wasu kamfanoni na zaɓar suna mai kama da na shahararre, da bambancin harafi ɗaya ko biyu, don mai saye ya karanta cikin gaggawa ya ɗauka wancan ne.

Daga nan sai lambar da ta fara da DOT, wadda dokar sufurin Amurka ta wajabta ga tayoyin da ake sayarwa a can, kuma yawancin manyan kamfanoni ke sanyawa a kayansu. Alamomin farko bayan DOT suna nuna masana'antar da ta yi tayar. A da guda biyu ne, amma wata doka ta 2015 ta mayar da su uku, aka ba kamfanoni wa'adi zuwa watan Afrilun 2025. Hukumar NHTSA ce ke raba waɗannan lambobi, kuma jerin yana buɗe a intanet ga mai son dubawa. Idan lambar ta nuna wata masana'anta a wata ƙasa, amma rubutun `MADE IN` ya ambaci wata ƙasar dabam, to akwai magana. Dokar ta kuma cire haruffa shida daga wannan lamba don kada a rikita su da alƙaluma: G, I, O, Q, S da Z.

Alƙaluma huɗun ƙarshe su ne kwanan wata, kuma a nan aka fi yin ha'inci. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato 1224 na nufin mako na 12 na shekarar 2024, a cikin watan Maris. Mako ba ya wuce 53, don haka lamba irin 5823 ba ta yiwuwa. Taya mai alƙaluma uku kacal an yi ta ne kafin shekarar 2000. Akwai abu biyu da kan sa a zargi tayar kirki a banza. Na farko, sau da yawa cikakkiyar lambar a ɓangare ɗaya take, ɗayan ɓangaren ba shi da kwanan wata, shi ya sa ake buƙatar hoton duka biyun. Na biyu, kwanan watan yakan zauna cikin wani ɗan zagaye mai siffar ƙwai, kuma haruffansa kan ɗan bambanta da na kusa da shi. Dalili shi ne wannan ɗan faranti ne da ake cirewa a mazubi ana sauyawa kowane mako. Wannan ba laifi ba ne.

Laifin yana bayyana a fuskar robar. Mai son sabunta tsohuwar taya yakan goge lambar da injin gurza, sannan ya buga sabuwa da ƙarfe mai zafi, ko ya manna ɗan yankin roba. A hoto wurin kan fito kamar ɗan kwari, da layukan gurza masu bin hanya ɗaya, ko da sheƙin da ya bambanta da na kewayensa. Ƙarfe mai zafi yakan tura narkakkiyar roba gefe, sai bakin alƙaluman ya kumbura, zurfinsu ya sha bamban, wani ya karkace. Facin da aka manna kuwa yana da baki, kuma hasken gefe yana nuna shi. Riba ce ke jawo wannan aiki, domin roba na bushewa da shekaru ko ba a hau ta ba, balle a ƙasa mai zafi, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin direbobi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa.

Wata alamar ita ce harafin E a cikin da'ira tare da lamba, shaidar cewa samfurin ya cika ƙa'idar da Turai ke bi. Lambar tana nuna ƙasar da ta ba da amincewar: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan. Ba ƙasar da aka ƙera tayar take nufi ba, don haka tayar Tailan mai E4 ba abin mamaki ba ce. Abin tuhuma shi ne a ga da'irar ita kaɗai babu doguwar lambar amincewa a kusa da ita.

Ingancin zubin kansa shi ma shaida ne. A tayar babban kamfani haruffa suna da kaifin baki da tsayi iri ɗaya, siraran layukan ado da ke cikin tambari kuma suna tafiya a jere ba tare da sun haɗe ba. Mazubin da aka kwafo daga jikin wata taya yakan rasa wannan kaifi, sai ƙananan rubutu su dusashe, tambari ya yi kamar ya narke. Robar da ta tsattsafo da kauri a mahaɗar mazubi, zanen da bai haɗu daidai ba a mahaɗar, ƙananan ramuka ko ƙuraje a gefe, duk suna nuna aikin da ba a kula da shi ba. 'Yan siraran gashin roba da ke jikin sabuwar taya daga ramukan fitar iska na mazubi suke, kuma ba hujja ba ne ta kowace fuska, domin wasu mazuban zamani ba sa barin su. Haka ɗigon ja ko rawaya da layukan fenti a kan zane.

Tayar da aka sake yanka wa zane ana gane ta a cikin kwarin zanen. Sabuwa tana da 'yan tudu a ƙasan kwarin, masu tsayin milimita 1.6, waɗanda ke nuna iyakar cinyewa. Wuƙar yanka takan share su. Kwarin da aka yanka da hannu yakan yi karkace, da sawun wuƙa a bangonsa, wani lokacin har zare ko waya ta leƙo. Tayoyin manyan motoci masu rubutun `REGROOVABLE` kaɗai aka yi da ƙarin robar da za ta ɗauki wannan aiki.

A ɗauki misali: dila ya turo hoton taya huɗu, ya ce sababbi ne, masu lamba 205/55R16 91V. A ta farko an ga `MAX LOAD 670 kg`. Kilo 670 na ma'auni 94 ne, ba 91 ba, don haka rubutun ya saɓa wa kansa. A ta biyu kwanan wata ya ce 1224, amma zagayen ya nutse ƙasa da fuskar robar, da sawun gurza a gefensa, ga kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kusa da wili da cikin kwarin zane, irin na robar da ta shekara da yawa. Ta uku da ta huɗu rubutunsu lafiya lau, amma da aka ƙara girman hotunan sai aka ga tabon ƙura iri ɗaya a wuri ɗaya, wato taya ɗaya aka ɗauka sau biyu. Alama ɗaya mai rauni, kamar dusashewar harafi, tana iya zama laifin kyamara, sai a nemi a sake ɗauka. Lissafin da ya saɓa da kwanan watan da aka gurza kuwa kowannensu ya isa a fasa cinikin.

Hoto yana da iyaka. Ba ya nuna wayoyin ƙarfe da zaren da ke ciki, ba ya nuna haɗin robar, kuma tayar da aka zuba a mazubi na gaske da roba marar kyau za ta iya tsallake duk wannan bincike. Yana iya tabbatar da cewa taya jabu ce, amma ba ya iya tabbatar da cewa ta gaske ce. Idan hotuna sun fito ba aibi, mataki na gaba shi ne a tura cikakkiyar lambar DOT ga wakilin kamfanin ya tantance, a karɓi rasidi mai ɗauke da lambar kowace taya, sannan ranar da kaya suka iso a gwada lambobin jikinsu da na hoton kafin mai faci ya ɗora su a wili. Tayar da aka samu da sauyayyen kwanan wata kuwa ana iya kai ƙararta ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON.