Gani ko Ji: Yadda Nahawu Ke Nuna Madogarar Mai Magana

A wasu harsuna, mutum ba ya iya ba da labari sai siffar aikatau ta nuna inda ya samo shi: da idonsa ya gani, an gaya masa ne, ko alama ya gani ya fahimta. Masaniyar harsuna Alexandra Aikhenvald, a littafinta na 2004, ta ƙiyasta cewa kusan rubu'in harsunan duniya na da wannan tsari.

Turkanci misali ne mai sauƙi. Idan Baturke ya ga zuwan baƙo da idonsa, sai ya ce geldi. Idan kuwa takalman baƙon kawai ya tarar a bakin ƙofa, ko maƙwabci ne ya gaya masa, sai ya ce gelmiş. Duka biyun "ya zo" suke nufi, amma ɗafa-ƙeyar -miş tana shaida cewa ba a gabansa aka yi ba. Da ita ake ba da tatsuniya, kuma da ita ake nuna mamaki, kamar "ashe" a Hausa.

Sai dai tsarin na da iyaka. Ɗafa-ƙeyar ba ta bambance jita-jita da ganin alama, dole mai sauraro ya duba yanayin maganar. Haka kuma tabbataccen tarihi, kamar rasuwar Ataturk a 1938, da -di ake faɗarsa, ko da mai maganar ba a haife shi ba a lokacin.

Bahaushe ma yakan ce "wai ya zo" don ya sauke nauyin labari daga kansa, amma yana iya barin "wai" ɗin ba tare da jimlar ta karye ba. A Turkanci kuwa tilas ne a zaɓi ɗaya cikin siffofin biyu.